Saurin tacewar ƙoda: abin da GFR ke nufi da yadda ake lissafa shi

Saurin tacewar ƙoda, wanda ake rubutawa GFR a takardar sakamakon gwaji, shi ne yawan ruwan jinin da ƙodoji biyu ke tacewa a minti ɗaya. A jikin matashi lafiyayye yana kaiwa kusan mililita 125 a minti, wato wajen lita 180 a kwana guda, jarkar lita ashirin har guda tara kenan. Amma fitsarin da mutum ke yi bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba, saboda fiye da kashi 99 cikin ɗari na ruwan da aka tace ƙoda na sake tsotse shi ta maida cikin jini. Shi ya sa yawan fitsari ba shi ne ma'aunin lafiyar ƙoda ba, mutum na iya yin fitsari yadda ya saba alhali rabin aikin ƙodarshi ya tafi bai sani ba.

Kowace ƙoda na da ƴan matatai kimanin miliyan ɗaya, sunansu nefuron, kuma a kan kowanne akwai wani dunƙulen siraran jijiyoyin jini da ake ce ma gilomerulas, nan ake tacewar. Ruwa da gishiri da suga da dattin jini su wuce, ƙwayoyin jini da manyan furotin kamar albumin su tsaya. Ƙodoji na karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa, kuma cikin ruwan jinin da ya ratsa su, wajen mililita 600 a minti, kashi ɗaya cikin biyar ne ake tacewa.

Ƙarfin da ke tura ruwan

Abin da ke tura ruwa waje matsi ne. Alƙaluman da aka saba koyar da ɗalibai su ne matsin jini cikin gilomerulas 60 mmHg, ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, yana turawa, ruwan da ya riga ya taru cikin kofin da ke tarbar tacewar yana maidowa da 18, furotin ɗin jini kuma yana janye ruwa baya da 32. In ka cire, saura 10 kacal. To wanga ɗan rata shi ke ɗauke da lita 180 ɗin nan, don haka abu kaɗan ke girgiza shi. Tsakuwa ko kumburin furostet ya toshe mafitar fitsari, 18 ɗin nan ta hau, tacewa ta ragu. Jini ya faɗi, 60 ɗin ta sauka, haka nan.

Gilomerulas na da jijiyar shiga da jijiyar fita, kowace da tsoka a jikinta da za ta iya matsewa ko ta saki. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi zai gane abin nan take. Ka ɗauka tiyo ne mai ƴan huji a tsakiya. In ka danne shi ta wajen injin, ruwan da ke tsartuwa ta hujin zai ragu, in kuma bakin tiyon ka danne, matsi ya taru ciki, tsartuwar ta ƙaru duk da ruwan da ke wucewa ya ragu. Da waɗannan ƙofofi biyu ƙoda ke riƙe GFR wuri ɗaya.

Muddin matsakaicin matsin jini na tsakanin 80 da 180 mmHg, ƙoda na gyara kanta ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Hanya ta farko mai sauƙi ce, in jini ya buɗa jijiyar shiga da ƙarfi sai tsokarta ta matse da kanta. Ta biyu ta fi ban sha'awa. Bututun nefuron, wanda ruwan da aka tace ke bi, bayan ya zagaya yana dawowa ya gogi gilomerulas ɗinshi, a daidai wurin akwai ƙwayoyin da ake kira makula densa masu ɗanɗana gishirin ruwan da ke wucewa. Gishiri ya yi yawa, alama ce tacewa ta wuce kima, sai su sa jijiyar shiga ta matse. Ya yi kaɗan, jijiyar shiga ta saki, ƙoda kuma ta fitar da wani sinadari, renin, wanda ke haifar da sinadarin anjiyotensin na biyu, shi kuma ya fi matse jijiyar fita, wato danne bakin tiyo.

A nan ya kamata masu hawan jini su natsu. Lokacin zafin Afirilu, ko azumi ya faɗo cikin bazara, ko gudawa da amai sun zuƙe mutum, ƙoda na rayuwa ne da dabara biyu a lokaci guda, furostagilandin, wani sinadari da ƙoda ke yi, na buɗe ƙofar shiga, anjiyotensin na matse ta fita. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna hana yin furostagilandin, ƙofar shiga ta tsuke. Maganin hawan jini irin lisinofiril ko losatan yana kashe aikin anjiyotensin, ƙofar fita ta saki. A haɗa da maganin sa fitsari kamar furosemayid, ruwan jiki ya ƙara raguwa. Magungunan hawan jinin ba su da laifi, suna ma kare ƙodar mai ciwon suga na tsawon shekaru, amma haɗa ukun nan a jikin da ya bushe yana iya durƙusar da GFR cikin ƴan kwanaki, kuma abin takaici maganin ciwon jikin sau da yawa a kemis aka saye shi bayan an dawo daga gona, likita bai ma san ana sha ba.

Lissafin kiliyarans

Ba a iya leƙa gilomerulas a auna ruwan da ke ɗiga, sai dai a bi ta bayan gida. Ana neman wani abu cikin jini wanda ke wucewa matata ba shamaki, kuma bututu baya tsotse shi baya ƙara shi. In an samu, duk abin da ya fita a fitsari a minti ɗaya daidai yake da wanda aka tace a mintin. Daga nan lissafin kiliyarans ya fito, ma'ana yawan ruwan jinin da ƙoda ta share tas daga wannan abu a minti guda:

```
C = (U × V) / P
```

C shi ne kiliyarans, U yawan abin a fitsari, V yawan fitsari a minti, P yawan shi a ruwan jini. Abin da ya cika sharuɗɗan sosai shi ne inulin, wani nau'in suga na tsirrai, ba insulin na masu ciwon suga ba. Matsalar inulin sai an yi ta ɗura shi ta jijiya, don haka ya tsaya a bincike. A asibiti kiriyatinin ake amfani da shi, dattin da tsoka ke fitarwa kullum kusan daidai wa daida. Aibinshi ɗaya, bututu na ƙara ɗan zuba shi cikin fitsari, sai lissafin ya zarce ainihin GFR da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma ratar na ƙaruwa in ƙoda ta yi rauni.

A ɗauki misalin manomin shinkafa ɗan shekara 50 mai nauyin kilo 60. Kiriyatinin ɗin jininshi 1.5 mg/dL, in kuma ɗakin gwajin na rubutawa da µmol/L zai ga kusan 133, don ana ninkawa da 88.4 ne. An ba shi jarka ya tara fitsarin awa 24, na farkon safiya ya zubar ya duba agogo, daga nan ya tara komi har da na farkon safiyar gobe. An samu mililita 1440, kwana kuma minti 1440 ne, kenan V ta zama 1. Kiriyatinin ɗin fitsarin 80 mg/dL.

```
C = (80 × 1) / 1.5 = 53 mL/min
```

Bai kai rabin na matashi ba. Yanzu a ce yana gona ya yi fitsari sau biyu bai kawo ba, jarkar ta zo da 1080. V ta koma 0.75, amsa ta faɗi zuwa 40, a ɗauka ciwon ya fi haka muni alhali jarka ce ba ta cika ba. Akwai yadda ake ganewa. Namiji na fitar da kiriyatinin wajen miligiram 20 zuwa 25 kan kowane kilo a kwana, mace 15 zuwa 20, yana raguwa da tsufa. Cikakkiyar jarkar na ɗauke da miligiram 1152, wato 19 kan kilo, ya yi daidai da shekarunshi. Mai giɓin na da 864, wato 14, mai lura zai ce a sake tarawa.

Saboda wahalar jarka aka fito da lissafi daga jini kaɗai. Wasu likitoci biyu, Cockcroft da Gault, suka wallafa nasu a 1976, kuma har yau da shi ake daidaita yawan magunguna da dama:

```
CrCl = (140 − age) × weight / (72 × Scr)    [× 0.85 female]
```

CrCl kiliyarans ɗin kiriyatinin ne, age shekaru, weight nauyi a kilo, Scr kiriyatinin ɗin jini a mg/dL, mace a ninka da 0.85. Manomin namu, 90 sau 60 ya ba da 5400, a raba da 108, an samu 50, kusa da 53 na jarka. Amma duba wani abu. Saurayi ɗan 25 mai kilo 70 da kiriyatinin 1.0 zai samu 112. Tsohuwa ƴar 70 mai kilo 45 da wannan 1.0 ɗin za ta samu 37. Lamba ɗaya a takarda, duka biyun za a iya ce musu lafiya lau, amma ita in aka ba ta jentamaisin, maganin ƙwayoyin cuta da ƙoda ke fitarwa, yadda za a ba saurayin, an cuce ta. Tsokarta kaɗan ce, dattin da take samarwa kaɗan ne, shi ya ɓoye raunin.

Wanda ake gani an rubuta eGFR, wato ƙiyasin GFR daga jini, yawanci daga lissafin CKD-EPI ya fito, na 2009, wanda aka sabunta a 2021 aka cire ƙarin da ake ma baƙar fata. Yana ba da amsa kan faɗin jiki na 1.73 m². In ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata uku ana kiranshi ciwon ƙoda mai daɗewa, ƙasa da 15 kuma gazawar ƙoda, inda ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe. Sama da 60 ba shi kaɗai ke wanke mutum ba, sai an duba albumin a fitsari.

Kiriyatinin da GFR kamar sikeli suke, GFR ya ragu da rabi, kiriyatinin ya ninka. Tashi daga 0.7 zuwa 1.4 ya fi tashi daga 6 zuwa 7 girma nesa ba kusa ba, ko da yake na biyun ya fi tsorata mutane. Cin nama mai yawa, tsire ko balangu, kafin a ɗebi jini na ɗaga shi na ƴan awoyi. Magungunan seftirin da simetidin na hana bututu zubar da shi, ya hau alhali tacewa ba ta taɓu ba. Mai ciki kuma GFR ɗinta na ƙaruwa da kusan rabi, don haka kiriyatinin 1.0 a wurinta abin bincike ne. In tsokar mutum ta bambanta ƙwarai, kamar wanda aka yanke ma ƙafa ko wanda ya rame, ana iya auna wani furotin na jini, sistatin C, a maimako.

Babban sharaɗin duk lissafin nan shi ne kiriyatinin ya zama ya tsaya wuri ɗaya. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa da daddare, ƙodarta ta tsaya cak, da safe kiriyatinin ɗinta na iya zama 1.3 don bai samu lokacin taruwa ba, yana hawa ne da wajen 1 zuwa 2 mg/dL a kwana, lissafi zai ba da lamba mai kwantar da hankali alhali tacewa ta kusa sifili. A irin wannan hali fitsarin da ke fita awa bayan awa ake aunawa, in ya gaza rabin mililita kan kowane kilo a awa har tsawon awa shida an shiga rauni na gaggawa, a sake ɗibar jini washegari a kwatanta da na jiya.