Sunan dabino a gaban leda, gero a ciki: abin da dokar NAFDAC ta ce

Duk mai ƙulla garin kunu, yaji ko kuli-kuli a leda mai tambari don ya kai shaguna ya shiga hurumin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ƙa'idojinta na 2022 ne ke tsara abin da ake rubutawa a jikin abincin da aka ƙunshe. An san batun sunan mai kaya da adireshinsa, da nauyi, da ranar da aka yi kayan da ranar ƙarewar wa'adinsu, da lambar rajista. Inda masu ƙaramar sana'a suka fi zamewa shi ne sunan kayan da jerin abin da aka haɗa.

A ɗauka wata ƙungiyar mata ce a wani ƙauye kusa da Dutse ke haɗa garin kunu. A duk kilo 10 suna zuba gero kilo 6, waken suya kilo 2, gyaɗa kilo 1 da giram 200, sukari giram 500, garin dabino giram 300. Da aka zo zanen leda sai aka ce a sa masa "Garin Kunun Dabino", a cika gaba da hoton dabino, tunda shi ke jan ido.

Doka ta ce sunan abinci ya nuna ainihin abin da yake, kuma rubutu ko hoto kada ya sa mai saye ya zaci wani abu dabam. Dabino a nan kashi 3 ne cikin 100. Uwar da ta saya wa ɗan yaye za ta ɗauka zaƙin na dabino ne, alhali sukari ya fi shi yawa. Sunan da zai tsaya shi ne "Garin kunun gero da waken suya, mai dabino". Kuma tunda an fito da dabinon don jan hankali, sai a rubuta adadinsa, wato kashi 3. In matan sun ga adadin ya yi musu kunya a leda, to su ƙara dabino a haɗin, su rage sukari.

Jerin kayan haɗi kuwa ana fara shi da mafi nauyi, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta: gero, waken suya, gyaɗa, sukari, dabino. A nan ne mudu ke yaudarar mutane, domin shi cika yake aunawa, doka kuma da nauyi take aiki. Mudun tsabar gero da mudun garinsa ba nauyinsu ɗaya ba, ga wanda aka yi wa toliya ga wanda aka shafe. Don haka a ɗora kowane abu a sikeli lokacin da za a haɗa, bayan an surfa, an soya, an bushe, a rubuta a littafi. Littafin nan shi zai yi maka shaida in jami'i ya tambaya. In gyaɗa ta yi tsada aka rage ta har sukari ya haura ta, jerin ya sauya ke nan, tsohuwar leda ta zama ƙarya.

Gyaɗa da waken suya suna cikin abincin da jikin wasu ba ya karɓa, tare da madara, ƙwai, kifi da alkama, kuma dole a ambace su ko da kaɗan aka sa. Ni har injin niƙa nake dubawa: in na kowa da kowa ne, aka niƙa alkama kafin naka, gara a wanke shi ko a faɗa a leda.

Sai maganar da ta fi ciniki a kasuwar ƙauye, wato "yana maganin ciwon suga" ko "yana saukar da hawan jini". Dokar abinci da magunguna ta hana tallata abinci a matsayin maganin irin waɗannan cututtuka, komai yawan waɗanda suka ce sun sha sun ji sauƙi. Haka "babu sukari" ba ta halatta ga wannan gari ba. Ko an cire na buhun, dabino na da nasa sukarin.

Duk da haka akwai filin kirari. Ana iya cewa geron Jigawa ne in dai na nan ne, an soya gyaɗar har ta yi ƙamshi, garin na da laushi, ba ya guda in an dama shi da ruwan sanyi kafin a zuba tafasasshe. Bayanan dole da Turanci ake rubuta su, ana kuma iya ƙara Hausa a gefe, amma kada Hausar ta yi alƙawarin da babu shi a Turancin. A kuma dakata da buga leda da yawa sai hukumar ta duba zanen ta amince, domin yana cikin abin da ake miƙawa wajen neman rajista.