Imel uku na neman a biya ka bashi: inda doka ta yarda ka ɗaga murya

A ce kana casar shinkafa a Kura ta jihar Kano, ka ba wani ɗan kasuwa a Abuja buhu 40, kowanne naira 60,000, a kan zai biya ranar 1 ga Maris. Rana ta wuce, shiru. Abin da za ka rubuta masa daga yau hujja ce, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi saƙon imel, idan an haɗa da takardar da ke bayanin na'urar da aka fitar da shi.

Na farko tuni ne kawai. "Salamu alaikum Alhaji, ya kasuwa? Ina tuna maka naira 2,400,000 na buhu 40 da aka sauke maka, wa'adinsu ya cika ranar 1 ga Maris." Ka liƙa hoton rasit da lambar asusu.

Na biyu, bayan kamar kwana goma, shi ya fi amfani, kuma shi aka fi ɓatawa da dogon ƙorafi. Ka rage gaisuwa, ka ambaci ranar saƙon farko, sannan ka yi tambayar da za ta sa shi amsawa a rubuce: "Wace rana za ka turo? In biya biyu ya fi maka sauƙi, faɗa mini." Da zarar ya rubuto "ka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata", ya amsa bashin da hannunsa, gobe musu zai yi masa wuya. In waya ya bugo, wanda galibi haka mutanenmu suke yi, ka bi shi da imel a ranar: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka ce ranar kaza."

Na uku ba zafin baki ne ke ba shi nauyi ba, wa'adi ne. "Idan kuɗin ba su shigo nan da kwana 14 ba, wato 7 ga Afrilu, zan kai ƙara kotu." Kano na da kotun ƙananan ƙararraki don irin wannan bashin, kuma kafin ta saurare ka sai ka nuna ka aika takardar neman biya. Tana da fom ɗinta, ka karɓa wurin rajistara ka cika, kada ka dogara da imel kaɗai.

Kada ka ce za ka turo masa 'yan sanda. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Barazanar illata shi ko tona masa asiri a kasuwa kuwa tana iya mayar da kai wanda ake ƙara. Haka ƙarin "kuɗin jinkiri": ga maganar riba, ga shi da wuya alƙali ya ba ka abin da ba ku shirya tun farko ba. Adadin da ke saƙon farko shi za ka maimaita a na uku, sai dai ka cire abin da ya biya a tsakani.