Me ya sa sunaye suka ninku a waya bayan an haɗa ta da Gmail?

Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar waya, na sa Gmail ɗina, na kunna Sync. Yanzu kusan kowane suna sau biyu yake fitowa, wasu ma sau uku. Mene ne ya jawo?

Wa alaikumus salam. Kafin komai, don Allah kada ka goge ko suna ɗaya tukuna, zan faɗi dalili a ƙasa.

Wayar Android ba wuri ɗaya take ajiye lambobin mutane ba. Akwai waɗanda ke kan layi, wato SIM, akwai waɗanda ke cikin ita kanta wayar, akwai na asusun Google, in kuma Samsung ce akwai nata asusun daban. WhatsApp da Telegram ma kowanne yana da nasa jerin da yake liƙa wa sunayen. Abin da kake gani idan ka buɗe Contacts tarin duk waɗannan wuraren ne, an zubo maka su a shafi guda. Wayar tana ƙoƙarin gane cewa wannan da wancan mutum ɗaya ne, ta nuna maka su a matsayin suna ɗaya. Idan sunan ya zo iri ɗaya, galibi tana dacewa. Idan ya bambanta, sai ta bar su a rabe, domin ba ta da tabbas.

A wajenmu kuwa bambancin yana da yawa. Yau ka adana mutum da "Kawu", bayan shekara biyu ka sake adana shi da "Kawu Kaduna", wata rana ya kira da wani layin ka sa "Kawu MTN". Wata lambar an rubuta ta da 0803 a farko, wata da +234803. Layi kuma yana da nasa halin: suna ɗaya da lamba ɗaya yake ɗauka a kowane gurbi, yana kuma datse dogon suna. Wanda ka rubuta "Mai gyaran janareta Sabon Gari" a tsohuwar waya, da aka kwafe shi zuwa layi sai ya koma guntu. Da ka sa Gmail, cikakken sunan ya sauko daga Google, guntun kuma yana nan a layi. Ga mutum ɗaya ya zama biyu.

To yaya zan san ko da gaske sun ninku, ko dai wayar ce kawai ke nuna min haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce amfani, domin maganin ya rabu biyu daga nan.

Buɗe burauza, a waya ko a kwamfuta, ka shiga contacts.google.com da wannan Gmail ɗin. Abin da ke can shi ne ainihin abin da Google ta riƙe maka, babu na layi, babu na cikin waya. Nemi suna ɗaya da ka san yana fitowa sau uku a wayarka.

Mu ɗauki Kawu. A waya ka gan shi sau uku. A shafin Google ka same shi sau ɗaya tak, da lambarsa da hotonsa. Ke nan asusunka lafiya lau yake, sauran biyun daga wani wuri suke zuwa. Koma wayar, ka taɓa kowanne ka duba bayanansa. A yawancin wayoyi za ka ga inda aka ajiye shi: ko alamar layi, ko kalmar Phone ko Device, ko adireshin imel. Sai ka tarar ɗaya na layi ne, ɗaya kuma na wani tsohon Gmail ne da mai shagon waya ya buɗe maka shekarun baya, har ka manta yana cikin wayar. Wannan matsalar nuni ce kawai.

Idan kuwa a shafin Google ma sau biyu ko uku ka ga Kawu, to ninkin ya shiga cikin asusun, kuma duk wayar da ka sa wannan Gmail haka za ta nuna. Abin da ya fi jawo wannan shi ne shigo da sunaye sau biyu. An fitar maka da su daga tsohuwar waya a fayil mai ƙarewa da .vcf, an turo ta Xender ko Bluetooth, an danna Import, alhali tuni waɗannan sunayen suna cikin Google. Ko kuma an danna Import, aka ga kamar bai yi ba, aka sake dannawa. Wani lokacin kuma saitin nan ne mai suna Automatically back up & sync device contacts: yana ɗaukar sunayen da ke cikin waya ya mayar da su na Google, in kuwa da ma akwai irinsu a can da ɗan bambancin rubutu, sai su zauna gefe da gefe.

Me zai hana in bi su ɗaya bayan ɗaya in goge na biyun?

Abu biyu. Na farko, Sync hanya ce mai zuwa da dawowa. Abin da ka goge a waya, in dai na asusun Google ne, zai goge a can ma, ya kuma ɓace a duk wata waya ko kwamfuta da ke kan wannan asusun. Mutane da yawa suna ɗauka Google ma'ajiya ce da ke riƙe kwafi ko me aka yi a waya. Ba haka ba ne, madubi ce: abin da ka cire nan ya fita can.

Na biyu, sunayen biyu ba lallai abu ɗaya ke cikinsu ba. "Kawu" na iya ɗauke da tsohuwar lambar da ya daina amfani da ita, "Kawu Kaduna" kuma ita ce mai aiki. A jeri duk kamarsu ɗaya. Wanda ke gogewa da sauri, da yatsa ya saba sai ya daina dubawa, kuma ba zai gane ɓarnar ba sai ranar da ya buƙaci mutumin. Ga ɗan kasuwa da lambobin masu kawo kaya da na abokan ciniki ke wayarsa, wannan asara ce ta gaske. Haɗewa ta fi gogewa, domin idan aka haɗe biyu, lambobin duka suna taruwa ƙarƙashin suna ɗaya, babu wadda ta tafi.

To ta ina zan fara gyaran?

Fara da ajiye kwafi. A contacts.google.com danna Export, ka zaɓi vCard ko Google CSV, ka adana fayil ɗin a wani wuri da ba cikin wannan wayar kaɗai ba. Aikin minti biyu ne, kuma shi zai ba ka natsuwar yin sauran.

Idan ninkin na cikin asusun ne, a gefen shafin akwai Merge & fix. A manhajar Contacts ta Google ma yana nan, ƙarƙashin Fix & manage, wanda a sababbin fitowa ake kira Organize. Zai jero maka waɗanda yake ganin mutum ɗaya ne, kowane rukuni da Merge da Dismiss, sannan akwai Merge all mai haɗe su gaba ɗaya. Shawarata kada ka yi gaggawar danna Merge all. Sunayenmu suna maimaituwa sosai. Kana iya samun Musa biyu da ba su ma san juna ba, ko mata da miji da ka adana su da lambar gida guda. Bi jerin da ido, ka danna Dismiss a kan duk waɗanda ka san mutane daban ne, sannan ka haɗe ragowar.

Waɗanda rubutunsu ya yi nisa da juna ba dole ya gano su ba. Irin waɗannan da hannu ake yi: ka zaɓi biyun, ka danna Merge, ka gyara sunan ya zama wanda kake so.

Akwai wata gajeriyar hanya idan a shafin Google aka yi Import ɗin da ya jawo matsalar. Google tana sa wa sunayen da aka shigo da su lakabi mai farawa da Imported on tare da kwanan wata. Da ka buɗe lakabin za ka ga ainihin waɗanda suka shigo a ranar, sai ka san girman abin da kake fama da shi.

Idan kuwa matsalar nuni ce, Merge & fix ba zai yi maka komai ba, domin cikin asusu ɗaya yake aiki, ba ya haɗe sunayen Gmail biyu daban. Abin da za ka yi shi ne ka zaɓi gida ɗaya. Duba layi da cikin waya, ka ga ko akwai lambobin da babu su a Google, ka shigar da waɗannan kaɗai. A Samsung akwai Move contacts da Merge contacts ƙarƙashin Manage contacts. Idan tsohon Gmail ne, ka yi Export daga can, ka yi Import a wanda kake amfani da shi, sau ɗaya, sannan ka bi da Merge & fix, ka kashe Sync na Contacts a tsohon ko ka cire shi daga wayar. Daga nan ka shiga saitin Contacts, wajen da ake zaɓen abin da za a nuna, wanda a wayoyi da yawa ake kira Contacts to display, ka bar asusun Google kaɗai. Na layi suna nan ba su goge ba, an dai daina nuna su.

Na riga na goge wasu kafin in tambaya. Sun tafi ke nan?

In na asusun Google ne kuma ba a wuce kwana 30 ba, suna cikin Trash a contacts.google.com. Zaɓe su ka danna Recover.

Idan ɓarnar ta fi haka, misali ka danna Merge all ya cakuɗa mutane, akwai Undo changes a cikin saitin shafin. Yana mayar da jerin sunayenka gaba ɗaya yadda yake a wani lokaci da ka zaɓa cikin kwana 30 da suka wuce: minti 10, awa ɗaya, jiya, mako ɗaya, ko lokacin da ka sa da kanka. Sai dai ka kula, duk sabuwar lambar da ka adana bayan wancan lokacin za ta fita daga jerin, don haka ka yi Export kafin ka danna, ko ka rubuta sababbin a takarda. Wanda aka goge daga layi kuwa Google ba ta san da shi ba, ba za ta iya dawo maka da shi ba.

Yaya zan hana abin ya sake dawowa?

A saitin Contacts nemi Default account for new contacts, ka sa Gmail ɗinka, don kowace sabuwar lamba ta tafi can kai tsaye. Ka saba rubuta lamba da lambar ƙasa, +234 ba tare da sifirin farko ba a Najeriya, +227 a Nijar, domin haka za ta yi aiki ko ka tsallaka iyaka. Idan mutum ya ƙara layi, buɗe sunansa ka ƙara lambar a ciki maimakon sabon suna.

Ranar da za ka sake canza waya kuma, ka gaya wa mai shagon kada ya kwafe maka sunaye, ko zuwa layi ko ta fayil. Ka sa Gmail ɗinka, ka kunna data, ka ba wayar 'yan mintuna sunayen su sauko da kansu.