Handikaf a wasan golf ba matsakaicin bugunka ba ne

An daɗe ana cewa handikaf, wato lambar da ke nuna ƙwarewar mutum a golf, shi ne matsakaicin bugun da ɗan wasa ke ɗorawa a kan adadin da aka ƙayyade wa fili. Ba abin mamaki ba ne, domin lissafin na da sauƙi. Sai dai ya ɗauki filaye duk ɗaya, alhali wani ya fi wani wuya.

Kowane fili yana da lambobi biyu. Ta farko, awon fili, ita ce bugun da ake sa ran gwani zai yi a can. Ta biyu, silof, tana nuna yadda wuyar filin ke ƙaruwa ga wanda bai ƙware ba. Tana tsakanin 55 da 155, kuma 113 ce ma'auni.

A ce sabon shiga ya yi bugu 100 a fili mai awo 69.0 da silof 113. A cire 69 daga 100, a ninka da 113, a raba da silof: lambar wannan wasan ta fito 31.0. Abokinsa ma ya yi 100, amma a fili mai awo 73.0 da silof 135. Nasa ya fito 22.6. Abokin ya fi shi wasa nesa ba kusa ba, tun da ƙaramar lamba ce ta fi.

Daga wasanni 20 na baya kuma, takwas mafi kyau kaɗai ake ɗaukar matsakaicin lambobinsu a matsayin handikaf, shi ya sa yawancin ranaku ba za ka kai handikaf ɗinka ba. Wannan bai kamata ya dami kowa ba.

Awon fili da silof galibi suna kan katin maki, kuma kowane wurin fara bugu da nasa. Duba na wurin da ka fara bugu, ka gwada lissafin da kanka, sannan ka tura wa abokan wasanka wannan bayani.