Zanen haɗin feftid da na esta: ina ruwan ke fitowa?

Malam, ina ajin ƙarshe na lise a nan Maradi. Duk lokacin da na haɗa amino asid biyu a takarda sai malaminmu ya ja jan biro a kai. Ina matsalar take?

Ƴata, yawanci wajen cire ruwan take. Fara da zana amino asid ɗaya daidai. Sa C a tsakiya, NH2 a hagunsa, COOH a damansa, H a sama, R a ƙasa. R ɗin nan ne kawai ke bambanta amino asid 20 da jiki ke gina furotin da su. A gilisin R ɗin H ne, a alanin kuwa CH3.

Kada ki bar COOH a dunƙule. Buɗe shi: C ɗin yana riƙe da O ɗaya da layi biyu, yana kuma riƙe da OH da layi ɗaya. Sai ki ajiye gilisin a hagu, alanin a dama, yadda COOH na farko zai fuskanci NH2 na biyu. Kewaye OH na asid tare da H ɗaya na NH2. Su ne ruwan da ke fita. C da N da suka rage sai ki haɗa su da layi ɗaya:

```
H2N-CH2-COOH + H2N-CH(CH3)-COOH
→ H2N-CH2-CO-NH-CH(CH3)-COOH + H2O
```

Wannan CO-NH na tsakiya shi ne haɗin feftid. Kuskuren da aka fi gani a takardun ɗalibai shi ne barin O tsakanin C da N, ko kwashe H biyun na NH2 gaba ɗaya.

To yaya zan gane na yi kuskure tun kafin a karɓi takarda?

Ki ƙirga layukan da ke fita daga kowane harafi. C huɗu, N uku, O biyu, H ɗaya. C mai layi biyar babu shi, mai uku kuma akwai abin da kika manta. Daga nan ki yi lissafi: gilisin C2H5NO2 ne, alanin C3H7NO2. In aka tara su aka cire H2O, dole a samu C5H10N2O3. In zanenki ya ba da O huɗu, ruwan bai fita daidai ba.

Ki lura kuma, in kika sa alanin a hagu, wani abu dabam kika gina ko da lissafin bai canza ba. Shi ya sa ake fara karanta sarƙar daga gefen NH2.

Haɗin esta na mai kuma fa? Shi ne ya fi rikita ni.

Hanyar ɗaya ce, sau uku kawai ake bin ta. Ɗauki man gyaɗan da mata ke tatsa wajen yin ƙuli-ƙuli. Kusan dukkansa tirigiliserid ne, wato gilisarol ɗaya riƙe da asid na mai guda uku, kuma asid oleyik ne ya fi yawa a ciki.

Zana gilisarol a tsaye: C uku, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da OH a dama. Na sama da na ƙasa H biyu gare su, na tsakiya H ɗaya. Asid ɗin kuma ki juya shi, ki rubuta HOOC-R, don bakinsa ya kalli gilisarol. Nan ma OH daga asid yake fita, H kuma daga gilisarol, O na gilisarol ya tsaya ya zama gada:

```
CH2-O-CO-R
|
CH-O-CO-R
|
CH2-O-CO-R
```

Kowane O-CO haɗin esta ne. A nan O na tsakiya halal ne, a feftid ne ba a son shi, kuma ina ganin cuɗanya zanen biyu ke jawo wancan kuskuren. Gwada lissafin: gilisarol C3H8O3, asid oleyik C18H34O2 sau uku, a cire ruwa uku, sai C57H104O6. Jelar nan mai tsawo ta asid ɗin, wato R, ba sai kin rubuta kowane C ba. Layi mai zigizag ya isa, kowace kusurwa C ce, amma ki nuna layi biyun da ke tsakanin C na 9 da na 10.

Gulukos fa, OH ɗin nan na hagu da dama haddace su ake yi?

E, amma kaɗan ne. A zanen Fischer, CHO na sama, CH2OH na ƙasa, OH kuma daga C na 2 zuwa na 5 dama, hagu, dama, dama. Juya na C na 4 kaɗai, kin zana galaktos. A zanen zobe na Haworth, abin da ke dama a C na 2, 3 da 4 yana komawa ƙasa, na hagu sama. Kusurwoyin zoben shida ne, amma C biyar ne da O ɗaya, C na 6 yana waje, sama da C na 5. OH na C na 1 in yana ƙasa alfa ke nan, in yana sama beta.