Kalaman imel na Turanci da ake yawan kuskurewa

Akwai wasu kalaman Turanci da suka kama jiki a saƙonnin imel na ofis, waɗanda masu gyaran rubutu suke ƙorafi a kansu, ko dai don an kauce wa ma'anarsu ta asali ko kuma don ba sa fayyace abin da ake nema. Fitattu a cikinsu su ne "revert back", "please do the needful" da "looping in".

Kalmar "revert" ta samo asali ne daga Latin, kuma ma'anarta ita ce komawa yadda ake a da, kamar yadda dukiya take komawa hannun mai ita na farko a harshen shari'a. Tun da komawa tana cikin kalmar, ƙara mata "back" maimaici ne. A Turancin Indiya da Singapore da Najeriya kuwa, ta ɗauki ma'anar mayar da amsa, har wasu ƙamusoshi sun shigar da wannan ma'ana a matsayin ta yanki. Ana saɓani kan ko kuskure ce ko karin harshe. Matsalar tana bayyana idan saƙo ya tsallaka iyaka: injiniyan manhaja da aka rubuta wa "please revert" game da wani gyara yana iya warware gyaran gaba ɗaya, alhali amsa kawai ake jira daga gare shi. Kalmar "reply" ba ta da wannan haɗari.

"Do the needful", wato a yi abin da ya kamata, tsohuwar magana ce da aka saba da ita a Birtaniya a wajajen ƙarni na 18 da na 19. Ta bazu ta hanyar wasiƙun ofisoshin mulkin mallaka, ta dusashe a mahaifarta, amma ta ci gaba da rayuwa a Kudancin Asiya da wasu sassan Afirka. Nahawunta lafiya lau yake. Aibinta shi ne tana ɗora wa mai karatu aikin gano abin da ake so. Idan aka tura wa akanta takardar neman biyan kuɗi da wannan jimla kaɗai, bai san ko dubawa zai yi, ko sa hannu, ko biya ba, kuma ba a sa masa rana ba. Abin da ya fi shi ne a ambaci aikin da lokacinsa: "Please approve the attached invoice by Thursday."

"Looping in" sabuwa ce a kan sauran, kuma ana danganta ta da Turancin ofisoshin Amurka. Tana nufin shigar da wani cikin zancen ta layin Cc. Tana zama matsala ne idan ba a faɗi dalilin shigar da shi ba, don haka ake son a rubuta sunansa tare da abin da ake buƙata daga gare shi.