Gyaran sashen sakamako a rubutun bincike

Gyaran sashen sakamako shi ne sake fasalin ɓangaren maƙalar bincike da alƙaluma suka cushe, ta yadda jadawali zai ɗauki lambobi, bayani kuma ya faɗi abin da suke nunawa.

Asali

Ware wa sakamako sashe na kansa, bayan gabatarwa da hanyar bincike kuma kafin tattaunawa, ya soma bayyana a mujallun likitanci wajen shekarun 1940, ya kankama a shekarun 1970. A 1978 wasu editocin mujallun suka haɗu a Vancouver ta Kanada, taron da ya haifar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wato ICMJE. Ƙa'idojinsa sun hana maimaita duk abin da ke jadawali a cikin bayani, sun kuma buƙaci a kawo ainihin adadi tare da kashi cikin ɗari. A 1977 masanin ƙididdiga Andrew Ehrenberg ya ba da shawarar a taƙaita lambobin jadawali zuwa alƙaluma biyu masu amfani, a kuma jera waɗanda za a kwatanta daga sama zuwa ƙasa, domin ido ya fi saurin kama bambanci a haka.

Yadda ake gyaran

A ɗauka an gwada magunguna biyu, kowanne a kan mutum 200. Rubutun farko ya zuba komai a jimla ɗaya: waɗanda suka warke, waɗanda maganin ya yi wa illa, kowane adadi da kasonsa a cikin baka biyu. Kafin mai karatu ya kai ƙarshe ya manta farko. Sai mai gyara ya kwashe lambobin zuwa jadawali:

| Magani | Sun warke | Sun sami illa |
|---|---|---|
| Sabo | 150 (75%) | 18 (9%) |
| Tsoho | 120 (60%) | 16 (8%) |

Abin da ya rage wa bayani shi ne wanne ya fi, da nawa, kuma yaya ƙarfin hujjar: "Sabon magani ya fi warkarwa da tazarar maki 15 cikin ɗari, ƙiyasin kuwa yana tsakanin 6 da 24 bisa tabbacin kashi 95, illa kusan ɗaya ce (Jadawali na 1)." Lambobin da suka tsira a jimlar su ne waɗanda babu su a jadawalin.

A nan ake yawan tuntuɓe. Idan aka rubuta "ya fi da kashi 15 cikin ɗari" an kawo ruɗani, domin 150 ya ɗara 120 da kashi 25. Kuma jimla irin "an nuna sakamakon a jadawali" ba ta faɗi komai ba. Ana gane gyaran ya yi idan aka rufe jadawalin amma mai karatu ya iya faɗin abin da aka gano.

Saɓani

Editoci sun sha bamban kan iyakar fassara a wannan sashe: wasu na barin taƙaitaccen sharhi, wasu na tura duk wani "me ya sa" zuwa tattaunawa. Lamba biyu ko uku kacal ba sa buƙatar jadawali.